Hatimin 1974

Malam Umaru akawu ya shekara ashirin da shida a ɗakin ajiyar fayil na ofishin filaye a Sakkwato. Ɗakin ba ya da taga, fankar sama kuwa sai ta ga dama. Abokan aiki suna ce masa Mai Tabarau, don ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta har gindinta.

Ranar wata Talata, ana tsakiyar zafin bazara, Alhaji Sani ya shigo da babbar riga tana ƙamshin turare, ya ajiye takardar mallakar wani fili a Mabera. Ya ce mahaifinsa ya mallake shi tun 1974. A kan bencin waje kuwa Inna Hajo ce zaune da jikanta, wadda ta yi shekara talatin tana noma gero da wake a filin nan, tun mijinta yana raye. Risit ɗaya kawai take da shi, ƙunshe a leda, ninkinsa duk ya tsage.

Takardar Alhaji ta yi ja kamar ta tsufa, lambar fili daidai, sa hannu kamar na gaske. Malam Umaru ya ɗauki biro zai shigar da ita rajista, sai idonsa ya tsaya a kan hatimin da ke ƙasa. Ya goge tabarau da bakin rigarsa, ya kai takardar bakin ƙofa inda haske yake. Ƙananan haruffan da suka zagaye hatimin sunan Jihar Sakkwato suke ɗauke da shi.

Ya hau kujera ya sauko da wani fayil na 1974, ya kaɗe ƙura, ya jera su gefe da gefe.

"Ranka shi daɗe, wagga takarda yaushe ka ce an bayar da ita?"

"Ga shi nan rubuce, Malam. Mi kake nema kuma?"

"A 1974 babu Jihar Sakkwato, Alhaji. Jihar Arewa maso Yamma ake ce mata, har da Minna a ciki. Sai ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya raba ta. Hatiminka ya riga jiharsa zuwa duniya da shekara biyu."

Alhaji ya yi shiru. Can ya sunkuyo, ya turo wata ambulan ƙarƙashin fayil, ya ce a sha ruwa. Malam Umaru yana bin albashin wata biyu, ga kuɗin makarantar 'yarsa Hadiza. Ya dubi ambulan ɗin, ya sa bayan biro ya tura ta har ta koma gaban mai ita.

Ya rubuta layi uku a takardar rahoto, ya haɗa da fayil biyun ya kai wa darakta da kansa. Da ya fito, Inna Hajo ta miƙe tana gyara lulluɓi.

"Ɗana, in tahi ko in jira?"

"Zauna, Inna. Kawo risit ɗin nan naki in gani."