Wasiƙa Zuwa Ga Iyayen Yaran Ajin Ƙanana Kan Maganar Cizo

Tudun Wada, Zariya
Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025

Iyayenmu masu daraja,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, ku da iyalai baki ɗaya, da fatan kuma sanyin da ya fara leƙowa ya same mu cikin ƙoshin lafiya.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami wasunku sun riga sun san ta, domin sun ga shaidarta a jikin 'ya'yansu. A cikin makonni 3 da suka wuce an yi cizo sau 6 a ajin ƙanana, ajin yaranmu 18 masu shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Biyar daga ciki shatin haƙori ne kawai da ya baje bayan kwana biyu, ɗaya kuwa ya ɗan fasa fata. Duk iyayen da abin ya shafa mun kira su a ranar, amma na ga ya dace kowa ya ji daga bakinmu, kada ya tsinci labarin a bakin ƙofa lokacin tashi.

Ga iyayen yaran da aka ciza, ku yi haƙuri, ku yafe mana. Kun kawo mana amana da safe lafiya lau, kuka zo ɗauka kuka tarar da shatin haƙora a damtse. Na ga uwar da ta ɗaga hannun rigar ɗanta, ta yi shiru, idonta ya ciko da ƙwalla. Ni ma uwa ce, na san abin da ta ji. A hannunmu abin ya faru, kuma nauyin sa ido a kanmu yake.

Ga iyayen yaran da suka yi cizon kuma, don Allah ku kwantar da hankalinku. Ba gazawar tarbiyyarku ba ce, kuma ɗanku ba mugu ba ne. Cizo abu ne sananne a wurin yara tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, kuma galibinsu suna bari da kansu da zarar baki ya buɗe. Ku duba halin da yaro ɗan shekara biyu yake ciki: ya san abin da yake so sarai, amma kalmomin bakinsa ba su taka kara sun karya ba, da ƙyar yake haɗa biyu wuri guda. Na ga ɗaya daga cikin cizon da idona. Yara biyu ne a kan tabarma, kowa ya riƙe gefe guda na wata jar motar roba. Ɗaya ya ja, ɗaya ya buɗe baki kamar zai yi magana, maganar ta ƙi fitowa, sai kawai ya kai haƙori. Kafin in taka uku an gama. Da ɗan'uwansa ya fasa ihu, shi ma mai cizon sai ya razana ya fashe da kuka. Mintuna goma bayan nan suna zaune tare suna cin biskit. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle 'yan yaran da yanzu suke koyon zama da jama'a.

Akwai kuma batun haƙora. Haƙoran nono guda 20 ne, kuma ba sa kammala fitowa sai wajen shekara uku. Turamen can ƙurya sukan fito ne daga kusan shekara biyu, su sa dasashi ƙaiƙayi da zafi, yaro ya riƙa neman abin da zai gartsa. Yunwa, barci da cunkoso su ma suna taimakawa. Haka nan sauyin da ya faru a gida, kamar yaye, ko samun ƙani, ko tafiyar uba, yakan fito a halin yaro ta hanyar da ba a zata ba.

Da muka zauna muka duba littafin da muke rubuta abubuwan da suka faru, sai muka ga 4 daga cikin 6 ɗin sun auku ne tsakanin ƙarfe 11:00 da 11:30, daf da cin abinci, lokacin da anti ɗaya ta kai wasu wanke hannu, ɗaya ta rage ita kaɗai da sauran. Wannan giɓi daga tsarinmu yake. Saboda haka daga yau mun dawo da cin abinci ƙarfe 10:30, mun ƙara mai reno ta uku a ajin, mun kuma raba yaran gida biyu a lokacin wasa. Jar motar nan ma mun sayo irinta guda huɗu. Yaron da muka lura yana yawan kai baki, akwai anti da za ta riƙa zama kusa da shi duk inda ya nufa.

Idan cizo ya faru, wanda aka ciza muke fara ɗauka. Mu rarrashe shi, mu wanke wurin da ruwa da sabulu, mu ɗora tsumma mai sanyi. Sannan anti ta durƙusa daidai tsayin mai cizon, ta dube shi ido cikin ido, ta ce da murya a natse: "Ba a cizo. Cizo da zafi." Daga nan a janye shi gefe na ɗan lokaci, a koya masa abin da zai faɗa: "Nawa ne," "Bari," "Anti, zo."

Roƙona gare ku shi ne mu yi magana da baki ɗaya, gida da makaranta. Na san da yawanmu mun taso ana cewa a rama wa yaro cizon don ya ji yadda ake ji, ko a ɗalle masa baki, ko a shafa masa barkono. Don girman Allah kada a yi. Yaro ɗan shekara biyu ba zai fahimci darasin da ake nufi ba, abin da zai ɗauka shi ne babba ma yana cizo idan ransa ya ɓaci. Kada kuma a laƙaba masa suna, ko a ce masa kare ko maye, ko da wasa ne, domin suna yana bin yaro har bayan ya manta da laifin. Cizon wasa da muke yi wa kumatunsu don ƙauna, mu da yayyensu da kakanni, a ɗan dakata da shi a wannan tsakanin. Kuma idan ɗanku ya dawo da shati, kada a ce masa gobe ya je ya rama.

Wasu sun tambaye ni sunan yaron da ya ciji nasu. Na fahimci dalilin tambayar, amma ba zan faɗa ba, kamar yadda ba zan faɗi sunan naku ba idan gobe shi ne ya yi. Mu duka 'yan gari ɗaya ne, muna haɗuwa a biki da suna da masallaci, ba na so zumuncin manya ya ɓaci a kan abin da yaran sun manta da shi kafin Azahar.

Idan cizo ya fasa fata, a kai yaro wurin likita a ranar, domin bakin mutum yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. A tafi da katin rigakafinsa, don a tabbatar ya samu allurar fenta uku da ake yi a mako 6 da 10 da 14, wadda ta ƙunshi kariya daga tetanus. A kwanakin da suka biyo baya a lura: idan wurin ya kumbura, ya yi zafi ko ruwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ku taimake mu da labari. Idan yaro bai yi barci sosai ba, ko bai karya ba, ko ana yaye shi, ko an haihu a gida, ku faɗa wa anti da safe, ko a kalma biyu ne. Za mu zauna da iyayen ajin ranar Asabar, 15 ga Nuwamba, da ƙarfe 10:00 na safe a harabar makaranta, kuma muna so iyaye maza ma su samu zuwa. Wanda ya fi son mu gana mu kaɗai, ina ofis kullum daga ƙarfe 1:00 zuwa 2:00 na rana.

Allah Ya raya mana su, Ya shirya su, Ya yi musu albarka.

Wassalam.

Taku a kullum,
Shugabar Sashen Reno