Shin a bar ɗalibai su yi jinga da manhajar ƙirƙirar rubutu?

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, malami ya daina samun tabbacin wanda ya rubuta jingar da ke gabansa. Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe manhajar a Janairun 2023, zuwa watan Mayu kuma suka janye haramcin. A ganina janyewar ce daidai, ko da yake fargabar da ta sa aka toshe tana da tushe.

Malamin da ya ce a rubuto masa dalilan Yaƙin Duniya na Ɗaya ba dalilan yake nema ba, littattafai cike suke da su. Wahalar da ɗalibi zai sha yake so: ya karanta, kansa ya ɗaure, ya rubuta sakin layi, ya ga hujjarsa ba ta tsaya da ƙafarta ba, ya goge ya sake. Ta haka ilimi ke zama a ka. Wanda manhaja ta ɗauke masa wannan wahala ya samu maki, amma ya tashi a tutar babu. Ga shi kuma manhajar hasashen kalmar da za ta biyo baya kawai take yi, shi ya sa takan ƙago sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba. Mai koyo, wanda bai san fannin ba tukuna, shi ne zai haɗiye wannan ba tare da ya tauna ba.

To amma haramci wa yake kamawa? Nan ne zancen adalci ya fi damuna. OpenAI da kansa ya janye manhajarsa ta gano rubutun inji a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi zargin rubutun waɗanda Ingilishi ba harshensu na gado ba ne. Ke nan yarinyar da ta raba dare tana haɗa jimloli masu sauƙi ita za a tuhuma, mai wayon da ya sauya 'yan kalmomi ya wuce salin alin. Barin kowa ya yi yadda ya ga dama shi ma ba adalci ba ne, domin mai hali zai biya kuɗin manhaja mafi ƙarfi, wani ko intanet mai kyau ba shi da shi.

Don haka a bar ɗalibai su yi amfani da manhajar, amma da sharaɗi. Ɗalibi ya rubuta daftarin farko da hannunsa a aji. Bayan nan ya yi amfani da manhajar wajen gyaran nahawu ko gano raunin hujjarsa, ya kuma bayyana inda ya yi hakan. Kaso mai tsoka na makin ya koma kan 'yan mintocin da zai zauna gaban malami a tambaye shi: me ya sa ka fifita wannan dalili a kan wancan, a ina ka samo shi? Aiki ne mai cin lokaci a aji mai cunkoso, kuma dole makarantu su rage yawan jinga kafin malamai su iya ɗaukarsa.