Bayanin Zane na 7: Matakan kotunan Nijeriya da hanyar ɗaukaka ƙara

Hadiza, wannan shi ne bayanin zanen da ke shafi na 46 na takardun darasin Gwamnati, wanda za a yi amfani da shi a aji ranar Talata. Zanen ya ƙunshi akwatuna 10 da kibiyoyi 10. Kowane akwati kotu ce, kuma an jera su a layuka huɗu daga sama zuwa ƙasa, mafi iko a sama. Dukkan kibiyoyin sama suke fuskanta, ma'anarsu kuwa ita ce, wanda bai gamsu da hukuncin kotun da kibiya ta taso daga gare ta ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da tsinin kibiyar ya taɓa.

A layi na farko akwati ɗaya ne tak, a tsakiyar shafi: Kotun Ƙoli, wadda ke zama a Abuja. Babu kibiyar da ta fita daga gare ta, domin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa hukuncinta ya zama na ƙarshe. Daidai ƙarƙashinta, a layi na biyu, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, ita ma ita kaɗai, kuma kibiya ɗaya ta tashi daga gare ta zuwa Kotun Ƙoli.

Layi na uku ya fi kowane faɗi, yana da akwatuna biyar. Ki kifa hannunki na dama a kan tebur, ki ɗauki kowane yatsa a matsayin akwati. Babban yatsa, wanda ke can hagu, shi ne Babbar Kotun Tarayya. Na biye da shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, na tsakiya Babbar Kotun Jiha, na huɗu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ƙaramin yatsa kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada. Kowanne yana da kibiyarsa, kuma duka biyar ɗin sun haɗu a akwatin layi na biyu. Babu kibiyar da ta gitta tsakaninsu, wato babu wadda ke sauraron ƙorafi a kan hukuncin 'yar'uwarta. A nan ɗalibai suka fi yin kuskure, domin na huɗu da na biyar suna ɗauke da sunan ɗaukaka ƙara, sai a zaci matsayinsu ɗaya da kotun layi na biyu, alhali suna ƙarƙashinta ne.

Layi na huɗu yana da akwatuna uku, kuma duk sun karkata dama, saboda babu komai a ƙarƙashin babban yatsa da na biye da shi. Kotun Majistare tana ƙarƙashin yatsan tsakiya, kotunan Shari'a suna ƙarƙashin na huɗu, kotunan al'ada suna ƙarƙashin ƙarami, kowanne da kibiya miƙaƙƙiya zuwa akwatin da ke samansa.

Idan kin ƙirga, kibiyoyi tara ke nan. Ta goma ta bambanta, domin an zana ta da ɗigo-ɗigo, kuma a karkace take. Ta taso daga kotunan Shari'a, ta yi hagu zuwa Babbar Kotun Jiha, don haka akwatin kotunan Shari'a ne kaɗai yake da mafita biyu. Dalili shi ne, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan al'amuran da suka shafi mutum da iyalinsa, kamar aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, abin da ya fita daga waɗannan kuwa shi ne yake bin kibiyar ɗigo-ɗigo. Shari'ar rabon gado za ta haura ta yatsa na huɗu, ta wuce layi na biyu, ta ƙare a layi na farko idan masu ƙara sun dage.

An yi amfani da launi biyu, amma abin da suke nufi kawai ya shafe ki. Akwatuna huɗu na tarayya ne: na layi na farko, na layi na biyu, da biyun hagu a layi na uku. Sauran shida na jihohi ne. Mai zanen bai ware wa Abuja akwatuna ba, ko da yake tana da nata kotunan a layi na uku, kuma ba kowace jiha ce take da na huɗu da na biyar duka ba.

A jikin kibiyar Kotun Ma'aikata akwai alamar tauraro, wadda ke kai mai karatu ga rubutu a ƙasan shafi. Rubutun ya ce, a ƙararrakin da ba na laifi ba, hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara shi ne na ƙarshe ga shari'ar da ta fito daga wannan kotu, ba ta isa Kotun Ƙoli. Tambaya ta 3 a aikin gida daga wannan rubutu aka ciro ta.