Tambayoyina kafin intabiyun ranar Alhamis

Assalamu alaikum Malama Rabi,

Da fatan kin wuni lafiya, ya aiki? Na ga saƙonki na jiya game da gurbin injiniyan manhaja a kamfanin nan na Landan, na kuma karanta bayanin aikin har sau biyu. Aikin ya kwanta mini, don kusan shi nake yi shekara 6 ke nan. Sai dai kafin in amsa gayyatar intabiyun ranar Alhamis, akwai abin da nake so mu warware tun yanzu.

Bara na bi wani kamfani har zagaye huɗu na intabiyu, na kwana uku a kan gwajin da suka ba ni. Sai a ƙarshe aka ce ai ba sa ɗaukar nauyin biza. Ba na so in sake jawo wa kaina haka, ko in ɓata miki lokaci.

Babbar tambayata ita ce ta biza. Ba ni da izinin aiki a Birtaniya, kuma fasfona ba na can ba ne. Bizar ƙwararrun ma'aikata ba ta samuwa sai kamfanin yana da lasisin ɗaukar nauyi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan ya ba ni takardar shaidar ɗaukar nauyi, wadda dole in nemi biza da ita cikin wata 3. To, suna da lasisin a hannu, ko sai sun nema? Kuma a kan wannan gurbin suka amince su yi amfani da shi? Na tambaya ne don wani kamfanin yana da lasisi amma manyan muƙamai kaɗai yake kashe wa. Akwai kuma mafi ƙarancin albashin da doka ta gindaya wa irin wannan biza, ga shi sanarwar ba ta faɗi albashi ba. Ko da ƙiyasi ne, ki taimaka mini da shi.

Sai batun kuɗin. Ina da mata da yara 2, kuma su ma can za su koma. Kowannenmu sai an biya masa kuɗin biza da kuɗin kiwon lafiya, wanda ake karɓa a dunƙule na duk shekarun bizar tun ranar nema. Na mutum huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Wanne kamfanin zai ɗauka, wanne zai bar mini? In kuma akwai sharaɗin cewa zan mayar da abin da aka kashe idan na bar aiki kafin wani lokaci, ina so in gan shi a rubuce kafin in sa hannu.

Sanarwar ta ce ana iya aiki daga gida, amma ba ta ce gidan ina ba. Wanda ke cikin Birtaniya ake nufi, mai leƙa ofis kwana biyu a mako, ko har da wanda ke wata ƙasa? Idan zan iya farawa daga inda nake kafin biza ta fito, a matsayin me za a ɗauke ni, cikakken ma'aikaci ko ɗan kwantiragi? Wannan ne zai nuna wa ke biyan haraji, da ko ina da hutu da fansho. Awa ɗaya ce tsakaninmu da Landan a wannan lokacin, don haka taron safe ba zai zama matsala ba.

Game da ƙaura, tikitin jirgi da masaukin makonnin farko su ne suka fi damuna, domin masu gidajen haya kan nemi shaidar da baƙo bai isa ya samu ba. Akwai wani tallafi a nan? Ina kuma so in san tsawon lokacin gwaji. Wanda aikinsa ya ƙare a kan wannan biza yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, don haka zan fi son iyalina su biyo ni bayan an tabbatar da ni.

Inda nake yanzu notis na wata 2 nake bayarwa, a sa wannan cikin lissafin ranar farawa.

Na san ba duka ne ke hannunki ba, wasu sai kin tuntuɓi kamfanin. In amsar biza ta zama a'a, ba komai, ki ajiye takarduna ko wani gurbin zai fito. In kuwa e ce, ƙarfe 11 na safiyar Alhamis ya yi mini.

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. A huta lafiya.

Bashir