Takardar Neman Aikin Jami'in Kula da Lodi da Jigilar Tumatir

Zuwa ga Manaja,
Sashen Saye da Jigila,
Kwanar Gafan, Garun Malam, Jihar Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne game da sanarwar da kuka fitar ta neman jami'in da zai kula da lodi da jigila, inda kuka ce babbar damuwarku ita ce tumatir ɗin da ke ruɓewa a hanya tsakanin Kwanar Gafan da kasuwar Mile 12 ta Legas. Wannan asara na san ta, domin shekara huɗu na yi ina tsayawa a bakin mota a matsayin magatakardan wata ƙungiyar manoman rani a yankin Kadawa, kuma ni nake karɓar wayar dillali idan kaya sun sauka. A ranin 2023, cikin kowane kwando 100 da muka ɗora, kusan 30 ne ke isa a dagargaje ko sun fara tsami. Da na bi mota ɗaya har Legas don in gani da idona, sai na tarar ba nisan hanya kaɗai ba ne: kwandon sama ne ke danne na ƙasa, ga shi ana tsinka da tsakar rana, a bar kayan cikin zafi har sai mota ta samu. Da na dawo na roƙi shugabanni su bar ni in gwada mota biyu da kwandon roba mai cin kilo 25, wanda ake jerawa ba tare da nauyi ya hau kan tumatir ba, muka mayar da tsinka zuwa sassafe, muka kafa rumfa a wurin tara kaya, aka kuma ware nunanne daga wanda bai gama nuna ba tun a gona. Da farko 'yan dako ba su so ba, kuma suna da gaskiya, tunda a kan kwando ake biyansu, don haka muka zauna muka sake lissafin ladansu kafin a ci gaba. A ranin 2024 mun tura mota 41 a kan wannan tsari, asarar ta sauko zuwa ƙasa da kashi 8 cikin 100, har da kuɗin dawo da kwandunan a lissafe. Littafin lodin da na rubuta da hannuna yana nan, mota bayan mota, da sa hannun direbobi, kuma a shirye nake in kawo muku shi ku duba kafin kakar bana ta kankama.