Zuwa ga Hajiya Babba, Ranar Cikarki Shekara 80

Leeds, 20 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiyata, takwarata, barka da yau. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar? Da fatan ruwan bana yana sauka lafiya a Yakasai, kuma ɗakinki bai ƙara yoyo ba tun gyaran da Kawu Sani ya sa aka yi. Na roƙi Fa'iza ta zauna kusa da ke ta karanta miki wannan a hankali, ta ɓangaren kunnen da kika fi ji da shi, kada ta yi sauri.

Na san abin da za ki fara cewa: a zamaninku ba a san wani bikin ranar haihuwa ba, shekaru na Allah ne. Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa ban ce a kunna miki kyandir ko a tara makaɗa ba. Godiya muka zo yi wa Allah da ya bar mana ke har yau, sannan mu gode miki ke ma, tunda kina ji da kunnenki. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, shi ya rubuta haihuwarki da ajami a bangon littafinsa: watan Sha'aban, tsakiyar damina, shekarar da aka gama yaƙin Hitila, wato 1945. Da lissafin bature yau kin cika 80. Da lissafin watanmu kuwa har kin wuce 82. Alhamdu lillahi.

Idan na zauna ina ƙirga abin da idonki ya gani, sai mamaki ya kama ni. An haife ki zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kina yarinya Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, kuma har yau kina ba mu labarin dawakan da kika hango daga kan katanga. An kai ki ɗakin Malam a 1960, shekarar da aka samu 'yancin kai. Kin ji rasuwar Sardauna cikin azumi a 1966, kin ga yaƙin basasa ya zo ya wuce, kin ga ranar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Mu a aji muka karanta waɗannan, aka yi mana jarrabawa a kansu, ke kuwa kina tsakar gida da goyo a bayanki suka same ki.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yau shi ne 1976, lokacin da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, aka bi gida-gida ana neman yara. Umma tana da shekara shida. Gidaje da yawa a unguwa sun ɓoye 'ya'yansu mata, wasu suka ce boko zai lalata su, wasu kuma tallan safe ne ba za su iya saki ba, don da shi ake tara kayan ɗaki. Ke da ba ki taɓa zama a benci ba, allo kaɗai kika sani, kika lallashi Malam har ya yarda a rubuta sunanta. Sharaɗinki guda ne, da yamma ta koma makarantar allo, kuma ba ki taɓa sassauta shi ba.

Karatu kyauta ne, amma takalmi da littafi da kuɗin tara ba kyauta ba ne, kuma tallan da aka janye ta daga kai shi ne cinikin gidan. A wancan lokacin ma gyaɗa ta yi tsada, bayan farin 1973 da cutar da ta biyo baya ta cinye gonaki, har dalar gyaɗar da Kano ke alfahari da ita ta ɓace. Duk da haka ba ki sauke kasko ba. A sayo miki gyaɗa daga Rimi, ki soya, ki murje, ki sheƙe, a kai inji a dawo da ita, ki zauna gaban turmi kina juyawa kina yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ki ɗura a kwalabe, tunkuzar kuma ki murza ƙuli-ƙuli ki soya kafin azahar. Mai saye ya aiko yaro har zaure, sauran dillaliya ta ɗauka, ribar ta ragu, kika haƙura da ragowar. Abin da ya samu ki zuba adashi, ranar kwasa kuma ki sayi yadin makaranta maimakon kwanon jere. Umma ta ce mata sun sha yi miki magana a gidan biki, wai za ki aurar da 'ya ba langa ba samira. Ba ki taɓa mayar musu ba, sai dai ki ce Allah na nan.

Hajiya, ga inda wannan man gyaɗa ya kai. Umma ta zama malamar makaranta, ta koyar da 'ya'yan waɗanda suka yi miki dariya. Inna Hauwa ta bi bayanta ta zama ungozoma. Ni kuma ga ni a nan ina ƙarin karatu a kan haɗa magunguna. Duk ranar da na sa farar riga na shiga ɗakin gwaji, sunanki ne rataye a ƙirjina, tunda shi aka raɗa mini. A gida ba mai iya faɗarsa saboda kunyarki, sai Ummi, amma a nan da shi ake kirana kullum, kuma ina amsawa da alfahari.

Ban manta da sauran ba. Ke kika koya mini Fatiha da ƙananan surori tun kafin a kai ni gaban malam. A ɗakinki muke ɓuya idan mun yi laifi, ki ce ba mai taɓa miki kishiya, sai bayan an watse ki ja kunnena da kanki. Dambun zogalenki da kunun gyaɗar azumi kuwa, na gwada a nan, ba su fito kamar naki ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Muna yi miki zaton wannan matsayi. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka, ya ƙarfafa idonki da gwiwarki, ya bar miki hankalinki da carbinki. Allah ya sake kai ki Makka da Madina. Ya jiƙan Malam da iyayenki da 'ya'yanki biyu da suka riga mu, ya sa Aljanna ce mahaɗarku. Ya sa ki gama da duniya lafiya, ya ba mu ikon yi miki ko kaɗan daga abin da kika yi mana.

Na aiko da saƙo ta hannun Kawu Sani: turmin atamfa biyu, da turaren da kike so, da man shafawa na gwiwa, sai ɗan abin da za a dafa a raba sadaka a unguwa. Don Allah atamfar ki ɗinka ki sa, kada ki ajiye ta a ƙasan akwati ki jira bikin wata jikar. Zan kira bayan la'asar. A waɗannan watannin agogonmu ɗaya da naku, magariba ce kawai ba ta yi mana sai bayan ƙarfe tara na dare. In Allah ya yarda ina nan tafe hutun Disamba, a ɗakinki zan sauka.

A gaishe mini da Umma da Inna Hauwa da su Kawu da duk yaran gida. Ki yafe mini, ki ci gaba da sa mini albarka.

Jikarki kuma takwararki,
Ummi