Ina Ruwan Ya Tafi? Darasin Kimiyya na Aji Huɗu

[Hoto na farko: tsakar gida da hantsi. Wata uwa tana shanya kayan makaranta a kan igiya, ruwa yana ɗiga daga hannun riga.]

Assalamu alaikum yara. Barkanmu da warhaka. Ni ce Malama Hadiza, yau kuma ba a cikin aji za mu fara darasinmu ba, a tsakar gidan su Binta za mu fara.

Ku dubi rigar nan da kyau. Inna ta wanke ta yanzun nan, ta matse ta, amma har yanzu jiƙe take sharkaf. Kun ga yadda ruwa yake ɗiga ƙasa? To, bari mu bar ta a nan, mu dawo bayan azahar.

[Hoto: igiya ɗaya, rana ta take. Binta ta taɓa rigar, ta ɗauke ta.]

Ga mu mun dawo. Binta ta taɓa rigarta, ta ji ta bushe ƙayau. Babu wanda ya goge ta da tsumma, babu wanda ya sake matse ta. To ina ruwan ya tafi?

Na yi wa 'yan ajina wannan tambaya. Musa ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ƙasa ce ta shanye." Amsar Musa da gaskiya a cikinta, domin wanda ya ɗiga ƙasa, lalle ƙasa ta sha. Amma ɗigar ta tsaya tun da safe, kuma a lokacin rigar tana jiƙe. Sauran ruwan fa? Bari mu gwada a kan abin da ba ya shan ruwa.

[Hoto: faranti na ƙarfe a kan tabarma. Hannun Malama yana zuba ruwa cokali biyu.]

Wannan farantin ƙarfe ne. Ba shi da huda, ba ya yoyo, ba ya shan ruwa. Na zuba cokali biyu, na baza shi, na ajiye a rana. Mun kori kaji, mun ɗaure akuya, kada a ce su suka sha. Ku zuba ido.

[Hoton yana gudu da sauri. Ruwan yana raguwa daga gefe, har farantin ya bushe.]

Ya tafi! Tun da bai bi ta ƙasa ba, hanya ɗaya ta rage masa. Sama ya yi, ya shiga cikin iska.

Ga yadda abin yake. Ruwa, ko ɗigo ɗaya ne, ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi. Ƙanana ne ƙwarai, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta, sun fi ƙwayar rairayi, sun fi ƙura. Ido ba ya ganin ɗaya daga cikinsu. Kuma ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke, suna gogayya da juna kamar ku idan kun yi cincirindo a bakin ƙofar aji. Idan zafin rana ya sauka a kansu, sai motsin ya ƙaru. Waɗanda suke can sama, a fuskar ruwan, wasu sukan sami ƙarfin da za su fizge daga 'yan'uwansu su tashi. Ɗaya ta tashi, wata ta bi, wata ta bi, har farantin ya bushe.

Ruwan da ya tashi ya shiga iska, shi muke kira tururin ruwa. Wannan tashin da yake yi daga fuskarsa a hankali kuwa, shi ne ƙafewa. Ku faɗa tare da ni: ƙafewa. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenku. Kun sha jin an ce kududdufin bayan gari ya ƙafe, ko tafki ya ƙafe da rani.

[Hoto: tukunya a kan murhu, tana tafasa. Inna ce a tsaye kusa da ita.]

A nan akwai abin da nake so ku riƙe, domin manya ma sukan rikita shi. Ƙafewa daban, tafasa daban. Ruwa yana tafasa ne idan zafinsa ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Selsiyas, a lokacin za ku ga yana ɓulɓula tun daga gindin tukunya. Ƙafewa ba ta jiran wannan zafin. Rigar Binta ba ta tafasa ba, amma ta bushe. Ko a inuwa, ko da dare, ruwa yana tashi kaɗan kaɗan daga fuskarsa.

Farin abin nan da kuke gani a saman tukunya kamar hayaƙi, tururi ne da ya riga ya fara hucewa ya koma 'yan mitsi-mitsin ɗigon ruwa. Ainihin tururin ruwa ba shi da launi, ba a ganinsa. Yanzu haka akwai shi a cikin ɗakin da kuke zaune. Kuma ku ji ni da kyau: kada wanda ya leƙa tukunya mai tafasa don ya duba. Tururi mai zafi yana ƙona fata. Wannan kallon daga nesa ake yin sa.

[Hoto: hankici biyu jiƙaƙƙu. An baza ɗaya a kan igiya, an dunƙule ɗaya an ajiye a kan kujera.]

Me ya sa wani abu yake saurin bushewa, wani ya daɗe? Zafi kun riga kun gan shi. Yanzu ku dubi hankicin nan biyu. Tare aka jiƙa su, rana ɗaya take dukan su. Wanda aka baza ya bushe, wanda aka dunƙule har yanzu cikinsa danshi ne. Dalili shi ne ruwa ta fuska yake tashi. Idan ka baza abu, ka buɗe wa ruwan ƙofofi masu yawa. Idan ka dunƙule shi, ka rufe su.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Shi ya sa ake yanka tumatir a baza shi a rana ya zama kauɗa. Shi ya sa ake yanka kuɓewa ƙanana kafin a shanya ta. Ku lura da mai kilishi, yadda yake feɗe nama ya yi fale-fale kamar takarda, sannan ya shimfiɗa shi a rana. Da ya bar shi dunƙule, da ruwan cikin bai fita da wuri ba, naman ya lalace.

Sai iska. Idan kun yi rubutu a allo, tawada ba ta bushe ba, me kuke yi? Kuna hura ta da baki ko ku yi mata fifita. Iskar tana kwashe tururin da ya taru a saman tawadar, ta ba wani wuri ya tashi. Yanayin iskar ma yana da nasa. Da hunturu iska busasshiya ce, ƙishirwa gare ta, shi ya sa wanki yake bushewa nan da nan ko da ana sanyi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. A watan Agusta kuwa, tsakiyar damina, iska ta riga ta ƙoshi da danshi. Sai kaya su wuni a kan igiya ba su bushe ba.

[Hoto: randa a inuwar zaure, jikinta da laima. Musa ya ɗebi ruwa da moɗa ya sha.]

Yanzu mun zo wurin da na fi so. Kowa ya lashi bayan hannunsa, ko ya ɗiga masa ruwa, sannan ya hura. Me kuka ji? Sanyi. Ruwa ba ya tashi hannu rabbana, sai ya ɗebi zafi daga jikin abin da yake kai ya tafi da shi. Abin da ya bari a baya sai ya yi sanyi.

Aikin gumi ke nan. Idan kun yi wasan ƙwallo ko langa jikinku ya ɗau zafi, sai gumi ya fito, ya ƙafe, ya tafi da zafin. Don haka ne ake ce muku ku yawaita shan ruwa a lokacin bazara, ku mayar da wanda ya fita.

Randa ma gumi take yi. Jikinta na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kaɗan yana tsattsafowa ta cikinsu, ya ƙafe a waje, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ku zuba ruwa a bokitin roba ku ajiye kusa da randa, da la'asar ku ɗanɗana duka biyun, za ku ji bambanci.

Wani malami a jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yi amfani da wannan ilimi ya taimaki manoman ƙauye da ba su da wutar lantarki. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan rairayin yana ƙafewa, cikin ƙaramar tukunyar yana sanyi, sai tumatir da yalo da alayyafo su ƙara kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki. Da tukunya, da rairayi, da ruwa. Duk akwai su a gidajenku.

[Hoto: ramukan gishiri a Bilma, sannan ayarin raƙuma ɗauke da kantu.]

Idan ruwa ya tashi, shi kaɗai yake tafiya. Abin da ya narke a cikinsa, kamar gishiri, a ƙasa yake barinsa. A garin Bilma, cikin hamadar Jamhuriyar Nijar, akwai ramuka masu ruwan gishiri. Rana tana ƙafar da ruwan, gishiri ya rage, mutane su kwashe su yi kantu, raƙuma su ɗauko shi zuwa kasuwanni masu nisa.

[Hoto: sararin sama, hadari yana haɗowa.]

Shi kuma tururin, ina yake zuwa? Yana tashi sama, inda ake sanyi, ya huce ya koma ƙananan ɗigo, su taru su zama gajimare. Yawancin ruwan daminar da ke sauka a gonakinmu daga Tekun Atilantika ya taso, iska ta koro shi daga kudu. Wannan shi ne darasinmu na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

[Hoto: kofi, cokali, gishiri da faranti biyu a kan tebur.]

Ga aikin gida. Ku nemi izinin Inna ko Baba tukuna. Ku narkar da gishiri cokali ɗaya a cikin ruwa rabin kofi, ku motsa har ya ɓace. Ku zuba cokali uku na wannan ruwa a faranti ɗaya, cokali uku a ɗayan. Ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, inda dabba ba za ta kai ba. Ku riƙa dubawa, ku rubuta a littafinku wanda ya riga bushewa, da abin da kuka tarar a gindin farantin. Wanda yake so ya ƙara, ya ɗaure farar leda a bakin kofin da sauran ruwan, ya ajiye a rana, bayan awa biyu ya duba ƙarƙashin ledar. Ku zo wa malaminku da abin da kuka gani ranar Litinin.

Sai mun haɗu. Ku gaida gida.